Kuɗin sallama: mayar da su kwanaki kafin ka sa hannu

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, yawanci takarda ɗaya ake miƙo masa. A jikinta akwai sunansa, da ranar da ya kama aiki, da ranar da ya ajiye, sai wani layi can ƙasa da ke cewa ga kuɗin sallamarsa kaza, a gefe kuma ga gurbin sa hannu. Mutum ya yi shekara takwas ko goma yana jiran wannan rana, zuciyarsa ta riga ta raba kuɗin tun kafin su zo, don haka idan ya ga adadin abu biyu ne ke faruwa: ko ya sa hannu cikin sauri don kada a fasa, ko ya harzuƙa ya ce an cuce shi alhali ba zai iya nuna inda cutar take ba. Duka biyun ba su da amfani gare shi. Abin da zai amfane shi shi ne ya iya sake yin lissafin da kansa, da biro da kalanda, cikin rabin sa'a.

Kuɗin sallama, wanda wasu ke kira garatuti, dunƙulallen kuɗi ne da ake biya sau ɗaya a ƙarshen aiki, ba kamar fansho da ake karɓa wata-wata ba. A inda ake lissafa shi da shekarun aiki da albashin ƙarshe, ginin duka a kan abu uku yake: nawa ne albashin yini ɗaya, kwana nawa ake ba ma'aikaci a kan kowace shekarar da ya yi, kuma shekara nawa ya yi. A ninka su, shi ke nan.

```
kuɗin sallama = albashin yini × kwanakin kowace shekara × shekarun aiki
```

Da wuya akanta ya yi kuskure a wajen ninkawar, domin na'ura ce ke yi. Kuskuren yana shiga ne tun daga abin da aka zuba wa na'urar. Shi ya sa wanda ya ɗauki kalkuleta ya sake ninka lambobin da ofis ya ba shi, ya ga sun yi daidai, bai tantance komai ba. Lambobin ukun kansu su ne abin bincike, kowace da takardar da za ta tabbatar da ita.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ya kama aiki ranar 15 ga Maris, 2016, ranarsa ta ƙarshe kuma 30 ga Nuwamba, 2024. Abin da ke shiga asusunsa duk wata 9,000 ne, ko da wane irin kuɗi ake biyansa, amma takardar albashinsa ta kasa su gida uku: gundarin albashi 6,000, alawus na gida 2,000, na mota 1,000. A tsakiyar aikin ya taɓa ɗaukar hutun mako shida, wato kwana 42, ba tare da albashi ba. Ƙa'idar da ke kansa ta ce kwana 21 na gundarin albashi a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan kwana 30 a kan kowace shekarar da ta biyo baya, guntun shekara kuma a biya shi gwargwadon tsawonsa. Wannan ba ƙirƙira ba ce, haka dokar ƙwadago ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai lamba 33 ta shekarar 2021 ta tsara wa baƙin ma'aikata a kamfanoni masu zaman kansu, kuma kamfanoni a wurare da dama suna da irin wannan tsari mai hawa biyu a cikin kwantiraginsu.

Shi a ransa ya riga ya gama lissafi: kusan shekara tara, albashi 9,000, ke nan 81,000. Ofis kuma ya rubuta masa 33,600. Tazarar ta wuce rabi, dole ransa ya ɓaci. Amma gaskiyar magana ita ce duka lambobin biyu ba daidai ba ne, kuma tasa ta fi ta ofis nisa da gaskiya.

Mu fara da albashin, domin nan ne mafi yawan ma'aikata ke yaudarar kansu. Kalmar "albashin ƙarshe" ba ta nufin abin da banki ya nuna maka ya shigo a watan ƙarshe. Tana nufin abin da doka ko kwantiragi suka kira albashi don wannan lissafin, kuma ma'anar takan bambanta ƙwarai. A ƙa'idar mutuminmu gundarin albashi kaɗai ake ɗauka, alawus na gida da na mota ba sa shiga, don haka 6,000 ne tushe, ba 9,000 ba. Kashi ɗaya cikin uku na abin da yake tsammani ya zube tun daga nan, kuma ba wanda ya zalunce shi a kai. A dokar ƙwadago ta Saudiyya kuwa ana ɗaukar albashin da mutum ke karɓa a zahiri, har da alawus ɗin da aka saba biyansa duk wata. Abokai biyu masu albashi iri ɗaya da shekaru iri ɗaya suna iya samun kuɗin sallama mabambanta, ba don an cuci ɗaya ba, sai don kalma ɗaya tana da ma'ana biyu a takardunsu. Saboda haka tambayar farko ba "nawa nake karɓa" ba ce. A buɗe kwantiragi a nemo layin da ya fayyace abin da ake nufi da albashi, a ajiye shi gefe da takardar albashin watan ƙarshe, a ga wane layi ne ya dace da shi.

Akwai kuma "ƙarshe" ɗin. Idan an yi wa mutum ƙarin albashi watanni kaɗan kafin ya tafi, sau da yawa fayil ɗinsa na ofishin ma'aikata yana nan ɗauke da tsohon adadi, musamman idan ba a sabunta kwantiragin a rubuce ba. Za mu dawo kan yadda ake gane wannan. Haka nan idan watan ƙarshe bai cika ba, ko an yanki wani abu a cikinsa saboda rashin zuwa, ba ragaggen abin da aka biya a watan ake ɗauka ba, cikakken albashin wata ake nufi.

Daga albashin wata sai a sauko zuwa na yini. Hanyar da aka fi bi ita ce a raba da 30, kuma 6,000 a raba gida 30 ya ba da 200. Wasu ofisoshin suna ninka albashin wata sau 12 su raba da 365, abin da zai ba da 197.26. Bambancin bai kai uku ba a yini, amma zai ninku da kwanaki fiye da ɗari biyu. Tsarin da tsohuwar dokar Indiya ta 1972 ta shimfiɗa shi kuma da 26 yake rabawa, domin yana cire ranakun hutun mako, sai dai kwana 15 kacal yake bayarwa a shekara. Wannan yana nuna cewa lambar rabawa da kwanakin shekara tafiyarsu ɗaya, ba a tsinko mai daɗi daga wannan tsari a haɗa da mai daɗi daga wancan. Ma'aikacin da ya ji cewa wani wuri ana rabawa da 26, ya zo ya ɗora shi a kan kwana 30 a shekara, ya gina wa kansa tsammanin da babu dokar da za ta biya shi.

Yanzu shekarun aiki, kuma a nan ina so a daɗe kaɗan, domin nan ne ake zubar da kuɗi cikin ruwan sanyi ba wanda ya lura. Ba a cewa "kusan shekara tara". Ana ƙirgawa ne daga ranar kama aiki zuwa zagayowarta. Daga 15 ga Maris, 2016 zuwa 14 ga Maris, 2024 shekara takwas ke nan cif. Abin da ya rage sai a bi shi wata-wata da kalanda: sauran Maris daga ranar 15 kwana 17, Afrilu 30, Mayu 31, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 31, Satumba 30, Oktoba 31, Nuwamba 30. Jimla kwana 261, har da ranar ƙarshen kanta, tunda ya yi aiki a cikinta. Sai a cire kwana 42 na hutun da ba albashi, domin ƙa'idarsa ba ta lissafa su cikin tsawon aiki. Saura 219. A raba 219 da 365, a samu 0.6. Tsawon aikinsa ke nan shekara 8.6.

Ranakun biyu da aka ɗora lissafin a kansu su ma sai an tabbatar da su. Ranar farawa ita ce ranar da mutum ya fara aiki a zahiri, ba ranar da aka tabbatar da shi bayan watannin gwaji ba, ba kuma ranar da aka sabunta masa kwantiragi ba. Na taɓa ganin takardar wani da aka fara ƙirga masa daga kwantiragi na biyu, shekara biyun farko suka ɓace kamar bai taɓa yin su ba, kuma abin da ya cece shi tsohuwar takardar albashin watansa na farko ce da ya adana a cikin wata leda tare da takardun makarantarsa. Ta yi laushi, ta ninke gida huɗu, amma kwanan watan yana nan raɗau. A dokar Daular da muka ambata, lokacin gwaji yana shiga cikin tsawon aiki matuƙar mutum ya ci gaba da aikin bayansa. Ranar ƙarshe kuma ba ranar da ka miƙa takardar ajiye aiki ba ce. Idan ka ba da notis na wata ɗaya ka kuma yi aikin watan, ƙarshen watan ne ranarka. Hutun shekara da hutun rashin lafiya da aka biya ka albashinsu ba a cire su. Wanda ake cirewa, inda doka ta ce a cire, shi ne wanda ba a biya ba, kuma kana da damar neman a nuna maka ranakun ɗaya bayan ɗaya, ba a ce maka "kusan wata biyu" kawai ba.

To, mu haɗa. Maimakon a yi ta ninka kuɗi, ya fi sauƙi a fara tara kwanakin da mutum ya cancanta. Shekara biyar na farko, kowace kwana 21, kwana 105. Shekara uku cikakku da suka biyo baya, kowace kwana 30, kwana 90. Guntun 0.6 ya faɗo ne a hawa na biyu, don haka 0.6 sau 30, kwana 18. Jimla 213. A ninka da 200, kuɗin sallamarsa 42,600 ne.

A lura da yadda hawa biyun suke aiki. Wucewa shekara biyar ba ta mayar da shekarun baya su koma kwana 30. Biyar na farko suna nan a 21 ɗinsu har abada, waɗanda suka hau kansu ne kawai ke samun 30. Ma'aikata sukan ninka duka shekarun da 30, ofisoshi kuma sukan ninka duka da 21, kowa ya karkata inda ya fi masa daɗi.

Yanzu mun san adadin gaskiya, 42,600, mun san na ofis, 33,600. Saura a gano inda 9,000 suka maƙale, domin zuwa wurin akanta da "kuɗina ba su cika ba" ba ya buɗe ƙofa. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce a juya lissafin baya: a ɗauki abin da ofis ya rubuta a raba da albashin yini, a ga kwana nawa suka biya. 33,600 a raba da 200 ya ba da 168. Lamba ce cikakkiya, ba ɓurɓushi, alamar cewa albashin yinin da suka yi amfani da shi daidai yake da namu. Sai a tambaya, 168 daga ina? A raba da takwas, a samu 21. Ga amsar ta fito fili: sun ba shi kwana 21 a duka shekaru takwas, ba su hau zuwa 30 ba bayan ta biyar, sannan sun yar da guntun shekarar gaba ɗaya. Kuskure biyu ne a dunƙule. Na farko ya ci kwana tara a kowace ɗaya cikin shekara ukun da suka haura biyar, 27 ke nan. Na biyu ya ci 18. Haɗe 45, sau 200, 9,000 daidai, ba ragi ba ƙari. Idan giɓin ya rufe haka ƙaf, ka san ba zato kake yi ba.

Da a ce rabawar ba ta fito cikakkiya ba, sai a juya ta ɗaya gefen. Misali ofis ya rubuta 38,340. A raba da 200, a samu 191.7, lambar da ba ta yi kama da komai ba. To a raba da kwanakinmu 213, sai ga 180 cif. A ninka 180 da 30, a samu 5,400. Idan mutumin ya duba tsofaffin takardunsa ya ga 5,400 shi ne gundarin albashinsa kafin ƙarin ƙarshe, magana ta ƙare: kwanakin daidai ne, tsohon albashi aka ɗauka, kuma yana bin su 4,260. Idan kuwa abin da aka rubuta 42,016 ne, bambancin 584 kacal, rabawa da 213 za ta ba da 197.26, wato sun bi hanyar 365 ce. Wannan ba lalle kuskure ba ne. Sai a duba ko doka ko kwantiragi sun ayyana hanya ɗaya, in ba su ayyana ba a tambayi wadda kamfanin ya saba bi wa kowa. A ganina ƙaramin giɓi irin wannan ya cancanci tambaya, bai cancanci rigima ba, kuma sanin bambancin tsakanin giɓin da ke da bayani da wanda ba shi da shi yana hana mutum ɓata hujjarsa mai ƙarfi da ƙorafi mai rauni.

Duk wannan ya tsaya ne a kan cewa mun san ƙa'idar da ke kan mutumin. Don a ga nauyin wannan sharaɗi, mu ɗauki shi wannan ma'aikacin da shekarunsa 8.6 mu sa shi a ƙarƙashin wata doka. A Saudiyya ana ba da rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken wata a kan kowace ta bayansu, a kan albashin 9,000. Biyar sau 4,500 ya ba da 22,500, sannan 3.6 sau 9,000 ya ba da 32,400, jimla 54,900. Amma a can dalilin barin aiki yana taɓa kuɗin. Wanda ya yi murabus da kansa bayan shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku yake samu, wanda ya haura biyar bai kai goma ba kashi biyu cikin uku, sai wanda ya kai goma ne ke karɓar duka. Mutuminmu in shi ya ajiye, 36,600 zai karɓa. A tsarin Indiya kuwa guntun da ya haura wata shida ana cika shi ya zama shekara, don haka shekararsa tara, kuma 6,000 sau 15 sau 9 a raba da 26 ya ba da kusan 31,154. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, adadi huɗu, kuma kowanne daidai ne a wurinsa. Wanda ya kwafo lissafin abokinsa da ke aiki a wata ƙasa ko wani kamfani ya auna nasa da shi, da ma'aunin wani ya auna.

Irin wannan ƙa'idojin sukan zo da ƙasa da sama. Akwai mafi ƙarancin shekarun da sai an cika su kafin a samu komai, shekara ɗaya a dokar Daular, biyar a tsohuwar dokar Indiya ta 1972 in ban da mutuwa ko naƙasa. Akwai kuma rufi: a Daular jimlar ba ta wuce albashin shekara biyu. Mutuminmu yana nesa da rufin, amma wanda ya yi shekara talatin ya kamata ya duba, kada ya ɗauka an yanke masa alhali iyakar ce ya taɓo. Inda kuma kwantiragi ya yi alkawarin abin da ya fi na doka, a lissafa da na kwantiragin, domin doka mafi ƙaranci take kafawa.

Abu na ƙarshe da ke rikita mutane shi ne cakuɗa kuɗin sallama da sauran haƙƙoƙi a layi ɗaya. Albashin watan ƙarshe daban, kuɗin hutun da ba a ci ba daban, kuɗin notis daban, kuma bashin da kamfani ke bin ma'aikaci, kamar ragowar rance, shi ma layinsa daban. Idan aka dunƙule su, dabarar rabawa da albashin yini ba za ta yi aiki ba, domin ba ka san me ke cikin dunƙulen ba. Sai ka nemi a warware maka su, kowanne da adadinsa, kafin ka fara lissafi. Mai yiwuwa 42,600 ɗin suna nan cikakku, ragowar rance ce aka cire daga ciki ba a rubuta ba, kuma wannan ma haƙƙinka ne ka gani a rubuce, da adadin da kwanan watan da ka karɓa.

Mutuminmu ya koma ofis da takarda ɗaya rubuce da hannu: ranar farawa, ranar ƙarshe, kwana 42 da aka cire, kwana 105 da 90 da 18, albashin yini 200, sai kwafin takardar albashin Nuwamba a maƙale a baya. Bai ce an cuce shi ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, na ga kamar kwana 168 aka lissafa mini, ni kuma 213 nake samu. Don Allah a duba mini shekara ukun da suka haura biyar, da kwana 219 na ƙarshe." Takardar da aka ba shi tun farko tana ɗauke da layin da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa ba ya bin kamfani komai, don haka ya riƙe sa hannunsa har sai an fito da sabuwa. Da matsi ya sa dole ya karɓi 33,600 ɗin a ranar, abin da ya dace shi ne ya rubuta a gefen sa hannun cewa ya karɓi wannan adadi ne a matsayin wani ɓangare, yana jiran cikon 9,000, ya sa kwanan wata, ya ɗauki hoton takardar kafin ya miƙa.